Lambar da Ta Haura Ɗari

Babu wata masifa da ta taɓa sauka a kan al'umma, tun daga rushewar manyan birane har zuwa ƙarewar tuwo kafin baƙi su ƙoshi, da ba za ka tarar da lamba ɗaya a gindinta ba, lambar da aka karɓa ba a tambayi ubanta ba. Mu ne mutanen da ba ma sayen akuya sai mun ji labarin uwarta, ko tana tagwaye ko tana zubar da ciki. Malamanmu ba sa karɓar magana sai an jero musu wane ya ji daga wane, har a kai ga bakin farko. Amma da zarar an buga lamba a farar takarda, an ɗora mata hatimi, sai mu miƙe tsaye mu ba ta tabarma kamar surukar gida.

Na yi shekaru ina mushe, malamin makaranta ke nan, a lakwal kafin a maido ni Gure, wani biro, wato ofis, da ke tattara rahotannin likitocin ƙauye, ƙananan asibitocin nan namu. Aikina shi ne kowane ƙarshen wata in karɓi takardu daga daji, in zuba su a ordinater, wato kwamfuta, in fitar da rahoto guda a aika Damagaram. Ɗakin yana da taga ɗaya mai kallon wata bishiyar bedi. Idan rana ta take, iska ta ɗauke, nakan zauna ina kallon lambobin a kan gilashin ordinater kamar garken da ya sauko rijiya, kowace da ƙurar hanyarta. Wata ta zo a bayan moto, wato babur, daga Kelle, a naɗe cikin leda. Wata ta kwana biyu a aljihun ɗan kasuwa daga Alakos, tana ƙamshin cuku. Da sun shiga gilashin nan sai duk su yi kama ɗaya, farare, a jere, ba mai tabo.

Ina da wani kaye, littafin rubutu mai baƙar fata, da nake kira littafin asali. Duk lambar da za ta shiga rahoto sai na ba ta layi: daga wace takarda ta fito, wa ya rubuta ta, yaushe ta iso, me na yi mata. In na tara ta da wata, in rubuta. In na raba ta, in rubuta da me. In na gyara ta, tsohuwar tana nan a gefe da dalilin gyaran. Abokan aikina suna cewa allon makaranta ne bai sake ni ba, har yanzu ina neman yaro ya nuna mini hanyar da ya bi kafin in ba shi makinsa. Ban musa ba.

Wata safiya sabon shef ɗinmu, shugaban biron, dokta ne matashi mai tsabtar takalmi, ya kira ni ya juyo mini gilashinsa. Ya sa an shafa wa lambobi launi, masu kyau kore, masu matsala ja. Ɗaya ta yi ja kamar barkono.

"Mushe, kai da ka koyar da lissafi. Ana iya yi wa yara allura fiye da yaran da ke akwai?"

"A lakwal ba a iyawa, Dokta."

"To, wannan ta iya. Wata shida a jere."

Ƙaramar likita ce a wani ƙauye da ke bakin kwari, arewa da mu. Kason yaran da aka yi wa rigakafin ƙyanda a can ya haura ɗari bisa ɗari, kuma ba da kaɗan ba. Mace ɗaya ce ke riƙe da wurin, ta girme ni nesa, ta daɗe a can har jariran da ta karɓi haihuwarsu sun girma sun soma kawo mata nasu ƴaƴan. Dokta ya ce shi dai abu ɗaya ya sani: wanda ya zauna a inuwa ya cika takarda da ka, ba ya sanin inda zai tsaya. Ya nuna mini takardar da ya shirya, ta ɗauke ta daga wurin, saura sa hannu.

Na ce ya ba ni kwana uku in bi asalin lambar.

"Asalinta alƙalamin bik ne, Mushe. Bik da hannu."

"Ko shegiya ce, Dokta, ai a bari a ji daga bakin ungozoma."

Ya yi dariya, ya sa takardar a cikin aljihun tebur, ya ba ni mota.

Abin da na koya wa yara shekara da shekaru shi ne kaso gida ne mai hawa biyu, akwai lambar sama, akwai lambar ƙasa. Ta sama a nan ita ce yaran da aka yi wa allura. Ta ƙasa ita ce yaran da ake tsammanin suna yankin. Na soma da ta sama, don ita ake tuhuma. Kafin mu tashi na gwada abin da ke cikin ordinater da takardun wata-wata da ta aiko, wata shida, ɗaya bayan ɗaya. Hannuna bai zame ko sau ɗaya ba. Na rubuta haka a kaye da ɗan jin daɗi.

Hanyar ba hanya ba ce, ra'ayin direba ce. Direbanmu Bafillace ne dogo, yana tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mini shanun mutane da ɗayan, yana faɗa mini wace ce ƴar wace, ta ƙaho da tafiya. Motar tana hawa tudun rairayi kamar kwale-kwale, ta tsaya a sama ta yi shiru, sannan ta sulale. Kana cikin fari da rawaya har idonka ya gaji, sai ƙasa ta buɗe a gabanka, ga kwari can ƙasa, kore shar, goriba da dabino sun haɗa kai, kanwa tana walƙiya a tsakiya kamar an zubar da madara. Na lumshe ido na ga lambobina suna tafiya a kan tudun nan a jere, kowace da tulu a ka, suna komawa gidajen iyayensu ganin gida.

Mun tarar da ita a ƙarƙashin rumfa tana wanke hannu. Gajera ce, Bamanga daga dangin Barebari, mai murya kamar ana buga ƙwarya. Labari ya riga mu zuwa, kamar kullum.

"Sannu da zuwa, Mushe. An aiko ka ka ƙirga ƙaryata?"

"Yaya, gaisuwa na zo yi."

"Da kaye a hammata? Kuma ka rasa wanda zai kawo ka sai bawana?" Ta harari direba. "Kai, sauko ka gaida uwargijiyarka."

"Ni da na zo karɓar harajin bayina," in ji shi. "Ina dabinon da kika ce kin shuka? Shekara nawa ana jira, ko shi ma a takarda ya yi ƴaƴa?"

Ta ɗaga masa ludayi. Wasan Fulani da Barebari ne, ya girmi dukanmu. Amma da ya ambaci dabinon sai na ga fuskarta ta ɗan sauka. Ta shuka ƴan itatuwa a kwarin da hannunta, ba su soma haihuwa ba. Mijinta a maƙabartar garin yake kwance. Ta ce mini, tana zuba mana ruwa, ba da ƙarfi ba, ita in an ɗauke ta daga nan ba ta san wace ƙofa za ta buɗe da safe ba.

Ta fito mini da komai ta zube a tabarma. Lamba a wurinta tana da haihuwa uku kafin ta bar gari. Uwa ta kawo yaro, a rubuta shi a babbar rajista: sunansa, sunan uwa, watanninsa, garinsu. A lokacin kuma a soke da'ira ɗaya a takardar ƙirga, mai layukan ƴan sifiri kamar ƙwan zabo. Ƙarshen wata a tara waɗanda aka soke, a sa jimillar a takardar wata, ita ce ke zuwa mini. Na zauna na bi su da baya, daga takardar wata zuwa takardar ƙirga, daga nan zuwa rajista, yaro-yaro, da ɗan yatsa. Kaji suna ratsa tabarmar. Inuwar rumfa ta juya daga yamma ta koma gabas ina nan.

Na sami kuskure. Yara uku da suka haura shekara an soke su a layin ƴan ƙasa da shekara, a wata ranar kasuwa. Na nuna mata.

"To, ka kama ɓarawo," ta ce. "Sai a kawo igiya."

Na cire ukun, na rubuta a kaye cewa na cire su, da shafin da suke da dalili. Kason ya ɗan motsa kamar raƙumi ya kaɗa kunne, yana nan sama da ɗari. Sauran yaran duk suna da suna, suna da uwa. Na zaɓi biyar da ka, ta aika aka kira uwayen da ke kusa, suka zo da katunansu a cikin leda, kwanan wata ya yi daidai. Lambar sama ƴar halak ce.

Da ma akwai amsar da muke ajiyewa a biro don irin wannan rana: makiyaya ne masu wucewa suka ƙara yawan yara. Amsa ce mai daɗi, tana rufe baki kamar goro. Na koma layin da ake rubuta garin yaro don in tabbatar da ita. Makiyayan suna nan, amma ƴan kaɗan. Abin da ya cika layin sunan gari ɗaya ne, yana dawowa shafi bayan shafi. Na ciro jerin garuruwan da biro ya ce nata ne. Ba ya ciki.

"Yaya, wannan garin fa? A takardarmu na waccan likitar ne, ta bayan tudu."

"A takardarku." Ta miƙa hannu ta nuna ƙetaren kwarin, inda hayaƙi ke tashi tsakanin goriba. "Ga shi can. In na yi tari suna ce mini sannu."

"Tun yaushe?"

"Tun da rairayi ya ci rijiyarsu. Gida-gida suka riƙa tasowa, na ƙarshensu bara. Ai na rubuta maka."

"Ni?"

Ta jawo kwafin takardar wata, ta juya bayanta. A can ƙasa akwai wani ɗan fili da aka bari don ƙarin bayani. Da ƙaramin rubutunta mai kwanciya ta sa cewa mutanen gari kaza sun dawo kusa da ita, a duba. Ta jawo ta watan da ya gabata, haka. Ta bara, haka. Ordinater ɗina yana da gurbin kowace lamba da ke gaban takardar, ba shi da gurbin abin da ke bayanta. Ni kuwa, mai littafin asali, ban taɓa juya takarda ba. Maganarta tana isowa Gure kowane wata a kan moto, ta tsaya a bakin teburina, ta mutu a can.

"Mushe," in ji direba daga inuwar mota, "maki nawa za ka ba kanka bisa ashirin?"

Da la'asar muka je garin. Maigari tsoho ne, yana saƙar igiyar kaba da yatsun ƙafa da na hannu. Na tambaye shi me ya sa ba su sake suna ba da suka sake wuri, da an gane sabon gari ne. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa bai sake uba ba.

"Malam, gari ai mutane ne da sunan kakansu. Mun ɗauko ƙofofi, mun ɗauko turame, mun ɗauko azarar masallaci. Sai sunan ne za mu bar wa rairayi?"

Na roƙi direba ya kai ni tsohon wurin. Tafiyar ba ta da tsawo a mota, a ƙafa kuwa wuni ce ga mai goyo. Muka tsaya a kan wani tudu mai santsi kamar bayan tasa. Babu komai sai kan wata katanga da ya leƙo, da saman wata aduwa da yashi ya kai mata wuya. Iska tana jan rairayi a hankali, siriri, kamar mace tana tankaɗe. Na tsaya ina tunanin cewa a cikin ordinater ɗina garin nan yana nan da ransa. Kowace shekara ana ƙara masa mutane. Ana haihuwa a ƙarƙashin ƙafata, ana suna, jarirai suna cika wata tara suna jiran allura. Har na ji kamar in na kasa kunne zan ji dakan hatsi daga ƙasa. A bayan tudun kuma akwai wani ma'aikacin likita da muka shekara muna yi wa faɗa a kan lambarsa ba ta kai ba, muna ce masa ya fita daji ya nemo yaran. Ashe nan muke aiko shi.

Na koma Gure na kama lambar ƙasa, wadda ba wanda ya taɓa tuhuma don ba ta zuwa a kan moto. A littafina layinta gajere ne, abin kunya: "daga teburin yawan jama'a". Teburin kuwa gadonsa na yi daga wanda na canza, lambobi ne tsirara, an kwafe su an manna, lissafin da ya haife su ya ɓace. Na wuni biyu a cikin kabad ɗin ƙarfe da gara ta yi wa takardunsa hidima, har na sami takardar farko. Daga ita na sake gina hanyar. An ɗauki yawan mutanen kowane gari daga ƙidayar jama'a ta ƙarshe. Kowace shekara a ƙara musu wani kaso na haihuwa. A tara garuruwan da ke jerin kowace likita, a cire rabon jarirai ƴan ƙasa da shekara, a raba shi gida goma sha biyu don a sami na wata. Na bi matakan da hannuna, lambar da ta fito ta yi daidai da wadda ke teburin, sai na san hanyar ke nan. Lissafin ba shi da aibi ko ɗaya. Jerin garuruwan ne ya tsufa a zaune. Yaran garin nan suna hawan sama a gidan Yaya, suna hawan ƙasa a gidan maƙwabcinta.

Ban goge komai ba. Na ajiye tsohon teburi da sunansa da ranarsa, na yi sabo a gefensa inda garin ya ƙaura daga wancan jeri zuwa wannan. Na rubuta shafi biyu, ina jin ban taɓa rubuta abin da ya fi su kyau ba. Kowace lamba da mahaifarta: wannan daga rajista shafi kaza, an cire uku saboda kaza, wannan daga ƙidaya, an ƙara mata kaza sau kaza, an matsar da gari kaza bisa shaidar rajista, da bakin maigari, da idona. A ƙasa na sa cewa bayanin ya daɗe yana zuwa a bayan takarda, kuma a teburina ya riƙa faɗuwa. Wannan layin sau uku ina sake shi, ina neman yadda zai fito da mutunci, bai samu ba.

Dokta ya karanta a tsaye, sannan ya zauna ya sake karantawa. A sabon teburin lambar Yaya ta sauko ƙasa da ɗari, ta yi kore. Ta maƙwabcinta ta hau, ta bar ja. Jimillar yankinmu gaba ɗaya ba ta san an yi ba, in ban da yaran nan uku, don abin da aka cire daga wannan aljihu a wancan aka sa.

"Wato matar nan aikin gari biyu take yi," ya ce.

"Da allurar gari ɗaya, Dokta. Kowane wata sai ta aika a ƙaro mata."

Ya jawo aljihun tebur, ya ciro takardar da ke jiran sa hannu, ya yaga ta gida huɗu. Mutum ne mai gaskiya, ba ya jin nauyin cewa ya yi kuskure. Ya sa hannu a kan sabon jerin. Ya ce daga yau a buɗe gurbi a ordinater don abin da ke bayan takarda. Ya ce kuma shafukan nan biyu ba za su tsaya a Gure ba, zai haɗa su da rahoto zuwa Damagaram, a ga yadda ake aiki.

Na fita na zauna a gindin bedi. Ban san ko barci ne ya ɗan ɗauke ni ba, amma na ga dukan lambobin ƙasar nan sun taru a wani fili, kowace tana riƙe da hannun uwarta, uwar tana riƙe da hannun kaka, layi-layi har bayan tudu, har bakin wata rumfa inda mace ke soke da'ira da bik. Ba marainiya ko ɗaya. Na ga ana karanta shafukana a manyan ɗakuna masu sanyi, ana gyaɗa kai.

An kuwa karanta su. Bayan ƴan kwanaki Yaya ta aiko mini da cuku a cikin takardar wata, ta rubuta a bayanta, a filin ƙarin bayani, cewa tana gwadawa ne ta ga ko na koyi juya takarda. Na buga saƙon a sabon gurbin, harafi-harafi.

A Damagaram suka duba sabon teburin suka ga, da garin da aka ƙara mata, mutanen yankinta sun haura adadin da ƙaramar likita ke ɗauka. Aka ɗaga darajar wurin, aka ƙara ɗaki biyu, aka kawo firigo, wato firji, mai aiki da hasken rana. Babbar likita kuwa doka ta ce sai mai babban difloma ne zai riƙe ta, Yaya ko ba ta da shi. Kafin damina aka aiko wani saurayi, Yaya kuma aka maida ta wani ƙauye wajen Gidigir.